Kaya sun ƙare, yaushe za su dawo? Tambayoyi da amsoshi kan sanarwar ranar dawowar kaya

Waɗannan tambayoyi ne da masu saida kaya ta salula a nan Damagaram suke yawan yi, musamman mata masu kasuwanci daga cikin gida da samarin da ke riƙe da shago a Kasuwar Dole ko Sabon Gari. Na ɗauki atamfar da ake sarowa daga Kano a matsayin misali, domin ita ce ta fi tara matsalolin wuri guda: akwai hanya, akwai iyaka, akwai canjin naira, ga kuma kalar da ba kullum take dawowa yadda take ba. Mai saida turaren wuta, takalma ko mayafai zai iya ɗora nasa lissafin a kan wannan.

Kayana sun ƙare. Ba gara in goge hoton in yi shiru har sababbi su zo ba?

A'a, Hajiya. Ranar da kaya suka ƙare ita ce ranar da mutane suka fi son su, domin wadda ta ga zanen a jikin maƙwabciyarta yau take tambaya, ba bayan sati uku ba. Idan kika goge hoton, mai tambaya za ta ɗauka kin bar saida irinsa, ta nufi wani wuri. Idan kuma kika bar hoton ba bayani, kowa zai riƙa turo miki "akwai?" kina amsa "babu" ɗaya bayan ɗaya, kowace "babu" kuwa sallama ce.

Abin da ake so shi ne mai tambaya ta samu abin da za ta riƙe: rana. Wadda aka ce wa "ya ƙare" ta gama da ke. Wadda aka ce wa "ya ƙare, amma ranar Asabar 14 ga wata bayan la'asar zan buɗe sabon dila" tana da shawarar da za ta yanke, ko ta jira ko kar ta jira, kuma da yawa sukan jira in har zanen ya kwanta musu a rai kuma ranar ba ta yi nisa ba.

To me ya hana in rubuta "yana nan tafe, in sha Allahu" kawai? Ai ranar ba a hannuna take ba.

In sha Allahu ta zauna a sanarwar, ba wanda ya ce a cire ta. Matsalar ita ce "yana nan tafe" ba ta gaya wa kowa komai. Mai anko na jiran ta san ko zanen zai iso kafin tela ya daina karɓar ɗinki. Ma'aikacin da ke son yi wa iyalinsa sayayya na so ya san ko kayan za su zo daidai da ƙarshen wata, lokacin da albashi ke hannu. Ba ɗayansu da zai iya shirya komai da "kwanan nan". Kuma mu duka mun san a kasuwa "yana hanya" kan iya nufin kwana biyu, kan iya nufin ko odar ba a bayar ba, saboda haka masu saye sun daina ba kalmar nauyi.

Gaskiya ne ba ke ke tuƙa mota ba. Amma ranar da za ki sanar ba ranar isowar mota ba ce. Ranar da za ki fara saidawa ce, ita kuwa ke ke zaɓar ta, kuma kina iya ajiye ta nesa da ranar isowa gwargwadon yadda hanya ta saba yi miki. Duk sana'ar tana cikin wannan bambanci.

Yaya ake fitar da ranar? A yi mana lissafin dalla-dalla.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa.

Wata ƴar kasuwa a unguwar Birni tana da wata atamfa mai ruwan goro da ganye, turmi 20, suka ƙare ranar Litinin 2 ga wata. A ranar ta kira mai saro mata kaya a Kantin Kwari. Tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ita ce: wannan zane, wannan kala, yana ƙasa a shago yanzu, ko sai an jira wani dila? Ta ce a ɗauko turmin a yi mata bidiyo a hasken rana. Ya tabbatar akwai, ya turo bidiyon ranar Talata 3.

Mataki na biyu kuɗi ne. Sai ta canza sefa zuwa naira ta tura, shi kuma ya tabbatar sun shiga. Ta ba wannan kwana guda, Laraba 4. Mataki na uku ɗauri da kai kaya tasha. Mai motar da take ba kaya ba kullum yake tashi ba, sai ya cika lodi, kuma ranar Juma'a aiki kan ragu saboda masallaci. Ya ce zai ɗauka Asabar 7.

Tsakanin Kano da Zinder tafiyar kilomita kusan 240 ce ta Daura da Matamaye. Mutum da jakarsa yana yin ta a yini guda. Kaya ba haka suke ba: akwai tsayawa a iyaka, akwai duwan da takardunsu, akwai sauke kayan wasu a hanya. Ta duba littafinta ta ga odarta uku na baya sun iso bayan kwana 2, kwana 2, da kwana 5 daga ranar lodi. A nan mutane suke kuskure, su ɗauki kwana 2 domin shi ya fi yawan faruwa. A ɗauki mafi muni da aka taɓa gani a lokacin da ba wata fitina, wato kwana 5. Asabar 7 a ƙara kwana 5, ya kai Alhamis 12.

Saura aikin gida: ɗauko kaya daga tasha, kwance dila, ƙirgawa, warware kowane turmi a duba tabo ko yagewa, ɗaukar hoto. Wannan yini guda ne cur, Juma'a 13. Ranar da za ta sanar ke nan Asabar 14.

Idan komai ya tafi daidai, kayan za su kasance a ɗakinta tun Litinin 9 ko Talata 10. Wannan ba asara ba ce. Tana iya kiran mutanen da suka ba da sunansu ta ce kayanku sun riga rana, su zo su zaɓa, abin da ba wanda ya taɓa jin haushinsa. Idan kuwa hanya ta yi halinta, ranar 14 tana nan daram ba ta motsa ba.

Wanda bai taɓa rubuta ranakun lodi da isowa ba, ya fara daga wannan oda. Layi biyu ne a littafi, amma ba tare da su ba duk ranar da ya faɗa tsammani ne kawai.

Yaushe zan saki sanarwar mai ɗauke da rana? Tun ranar da kaya suka ƙare?

Sanarwa biyu ce, kuma bai kamata a haɗa su ba. Ta farko tana fita ranar da kaya suka ƙare, ba ta ɗauke da ranar dawowa, sai dai ranar da za a faɗi ranar. Ga yadda ƴar Birni ta rubuta tata ranar Litinin:

"Alhamdu lillahi, atamfa mai ruwan goro da ganye ta ƙare yau. Na gode wa duk wadda ta saya. Ina magana da Kano kan sabo, ranar Laraba da dare zan faɗa muku ranar da zai dawo. Mai so ta turo sunanta da yawan turmin da take buƙata."

Ta biyu tana fita bayan abu biyu sun tabbata: an ga kayan da ido a bidiyo, kuma an biya. Kafin nan ba ki da kaya, kina da maganar wani ne kawai, shi kuma yana iya saida wa wanda ya riga ki kawo kuɗi, ba tare da ya yi miki laifi ba. Ranar Laraba da dare ta rubuta:

"Atamfa mai ruwan goro da ganye za ta dawo ranar Asabar 14 ga wata, in sha Allahu. Turmi 30 ne. Zan fara bayarwa bayan la'asar. Waɗanda suka ba da suna su ne farko, zan riƙe musu har Lahadi da magariba. Kuɗinsa jika tara turmi, kamar da."

Ƙaramin alƙawarin nan na ranar Laraba yana da amfaninsa na daban. Mutane sun ga ta ce Laraba kuma ta cika, saboda haka ranar 14 ɗin ta fi shiga kunnensu.

Me ya wajaba ya kasance a cikin sanarwar?

Sunan kayan yadda masu saye ke kiransa, da hoton ainihin wanda ya ƙare. Rana da sunanta da lambarta tare, "Asabar 14", domin "Asabar" kaɗai tana jawo gardamar wannan ce ko ta sama, "14" kaɗai kuma da yawa ba sa riƙe kwanan watan bature a kai. Lokaci, kuma da salla ya fi zama, bayan azahar ko bayan la'asar. Yawan kayan da za su zo. Sai abu guda da kike so mai karatu ya yi, ba uku ba: ya turo suna.

A rubuta ranar a jikin hoton kansa, da manyan baƙaƙe, ba a ƙasan hoto kaɗai ba. Mata kan ɗauki hoton su tura wa ƴan'uwansu a Mirriya ko Magariya, rubutun ƙasa kuma sau da yawa ba ya bin hoton, sai ya isa can ba rana ba lamba. A kuma bi shi da gajeren saƙon murya mai faɗin abu ɗaya da rubutun, saboda a cikin masu sayenki akwai waɗanda karatun boko ba ya yi musu sauƙi, su ne kuma sau da yawa masu sayen turmi biyar a tashi guda.

Faɗin yawan kayan ba tona asirin jarina ba ne?

Na san wannan damuwar, kuma ba ta banza ba ce; ba kowa ke son maƙwabta su lissafa masa abin da ya mallaka ba. Amma yawan shi ne ke sa mutum ya turo suna yau maimakon ya ce sai ya gani. Idan ba kya son faɗin duka, faɗi abin da kika ware wa masu ba da suna: "turmi 16 na ware wa masu rajista". Gaskiya ce, kuma ba ta bayyana dukan dilar ba.

Abin da ba na goyon baya shi ne ƙaryar ƙaranci, a ce saura uku alhali ashirin na jibge a ɗaki. Ban da haramcin ƙarya a ciniki, Zinder ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Wadda ta yi sauri ta biya don an ce saura uku, in ta ga ana ta saida shi har sati biyu, ta gane, kuma za ta faɗa a gidan biki.

Turmi nawa zan saro? Sunayen da aka ba ni sun fi abin da na saida da farko.

Kada ki ɗauki suna a matsayin ciniki. Turo suna ba ya cin ko dala, saboda haka mutane kan turo don kar a bar su a baya, ranar biya kuma wata ta yi tafiya, wata mijinta bai ba da kuɗin ba, wata ta ga wani zanen ya fi burge ta. Littafinki ne zai faɗa miki nawa ke cikawa.

Ƴar Birni ta tara buƙatar turmi 26 zuwa daren Talata. A karon baya da ta yi irin wannan, an nemi 20, aka sayi 12, wato uku cikin kowane biyar. Da wannan ma'auni, 26 zai ba ta kusan 16. Ta ƙara 10 saboda waɗanda za su ga sanarwar daga baya da masu shigowa gida kai tsaye, sannan 4 na ko-ta-kwana, don turmin da zai fito da tabo ko wadda za ta zo da uzurin da ba a iya ƙi. Jimilla 30. Da ta bi sunaye ta ɗora 14 ɗin a kan 26, da ta saro 40, goma su kwanta mata da jari har zanen ya fita yayi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa sanarwar farko take neman suna tun kafin a tura kuɗi Kano: sunayen ne ke gyara yawan odar.

In karɓi kafin alƙalami daga masu jira?

A nan sai an yi hankali, ta fuskar kasuwa da ta addini duka. Ta fuskar kasuwa, kuɗin hannu yana tace masu gaske daga masu wasa, kuma yana taimaka wa jari. Amma daga lokacin da kika karɓi kuɗin mutum, jinkirin kwana biyu ya tashi daga abin haƙuri ya koma bashi. Wadda ta ba da suna kawai za ta ce Allah ya kawo su lafiya. Wadda ta ba da jika biyar za ta aiko yaro.

Ta fuskar addini, akwai hadisin Hakim ɗan Hizam da ya hana mutum saida abin da ba ya wurinsa. Akwai kuma cinikin salam da aka halatta, inda ake biya tun da wuri a karɓi kaya daga baya, wanda hadisin Ibn Abbas ya gindaya masa sharaɗin sanannen mudu, sanannen nauyi da sananniyar rana. Lura cewa rana na cikin sharuɗɗan. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi a nan, suna da ƙarin bayani a kan salam, kuma ba su yarda da kuɗin hannun da mai kaya zai cinye idan mai saye ya fasa ba. Mai son ya riƙa karɓar kuɗi kafin kaya su zo ya zauna da malaminsa ya kwatanta masa yadda cinikin yake, tun kafin ya fara.

Abin da na fi ba da shawara ga mai ƙaramin jari shi ne suna kawai, ba kuɗi, tare da wa'adin riƙewa: na riƙe miki har Lahadi da magariba, bayan nan na ba ta gaba a layi. Wa'adin yana yin rabin aikin da kafin alƙalami ke yi, ba tare da nauyin kuɗin mutane a wuyanki ba. Sai fa odar anko, inda ake neman turmi 20 ko 30 na gida guda. Wannan ciniki ne na daban, a rubuta shi a takarda da shaidu, da ranarsa da abin da za a yi in ranar ta wuce.

In sa kuɗin kayan a sanarwar, alhali naira ba ta tsayawa wuri guda?

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take hawa da sauka, kuma ƴan Kwari kan ɗaga farashi idan ta faɗi. Saboda haka abin da turmi zai tsaya miki a sefa ba ya tabbata sai ranar da kika canza kuɗi kika biya. Wannan wani dalili ne na jinkirta sanarwa ta biyu har bayan biya. A lokacin kin san kuɗin saro, kin san na mota da na duwan daga odar baya, kina iya faɗin farashi ki tsaya a kansa.

A misalinmu turmi ya tsaya mata 7.500 har ƙofar gida, tana saidawa 9.000. Da ya tashi zuwa 8.200, gara ta faɗa a sanarwar Laraba cewa wannan karon jika tara da rabi ne saboda Kano ta ƙara, da ta bari sai mace ta biya kabu-kabu daga Karkada ta iso da jika tara cif a ƙulle a bakin zane sannan ta ji sabon farashi a tsakar gida.

Sau nawa zan maimaita sanarwar kafin ranar? Ina tsoron in gundure mutane.

Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka sanarwar da aka sa sau ɗaya ranar Laraba ba ta nan ranar Juma'a. Amma maimaita hoto ɗaya kullum na kwana goma yana sa mutane su riƙa tsallake ki. Abin da ya fi shi ne a sake fitowa duk lokacin da aka samu sabon labari na gaske. Ranar Asabar 7, hoton dila a ɗaure da sunanta a jiki: "An yi lodi yau." Ranar da kaya suka iso, ɗan bidiyon kwance dila. Ranar Juma'a 13: "Gobe ne bayan la'asar." Safiyar Asabar, hoton turamen a jere. Kowanne yana ɗauke da ranar 14 a jikinsa.

Masu suna kuma a tura musu saƙo kai tsaye ranar jajibiri. Jerin watsa saƙo na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a salularsa. Mutane da yawa ba su san haka ba, su tura su zauna jiran amsar da ba za ta zo ba. Duk wadda ta ba da suna, ki ce ta ajiye lambarki a lokacin. In mutum goma sha ne kawai, tura wa kowa nasa da sunansa ya fi.

A Facebook abin akasin haka ne: rubutu ba ya ɓacewa. Bayan ranar ta wuce a koma a gyara shi, a rubuta a samansa cewa kaya sun zo, ko sun sake ƙarewa. In ba haka ba, wata zai gan shi bayan wata biyu ya ɗauka 14 ga watan da ake ciki ake nufi.

Idan ranar ta kusa kuma kaya ba su iso ba fa?

Ki riga mutane magana. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma lissafin da muka yi ya ba ki damar yin haka. Ƴar Birni ta san cewa in har zuwa daren Alhamis 12 kaya ba su sauka a tasha ba, Asabar ta shiga haɗari, domin ranar duba kaya ta tafi. Saboda haka Alhamis ce ranar yanke shawararta, ba Asabar da rana ba lokacin da mata sun riga sun yi shiri.

Ta kira direba ta ji inda yake da abin da ya tsayar da shi. Idan mota ta wuce iyaka, tana Matamaye, gobe da safe za ta shigo, ba sai an canza komai ba, sai dai a yi aikin dubawa da dare. Idan kaya na tsare kuma ba za su iso kafin Asabar ba, sai sanarwa ta fita a daren:

"Ƴan'uwa, ku yi haƙuri. Atamfar da na ce Asabar 14 ba za ta samu ranar ba, motar ta tsaya a iyaka. Sabuwar rana Laraba 18. Layin sunaye na nan yadda yake. Wadda bikinta ba zai jira ba ta faɗa mini, in nuna mata abin da ke ƙasa ko in gaya mata inda za ta samu."

Dalili a jimla guda, sabuwar rana guda, da mafita ga mai gaggawa. Kada a zagi direba ko mai saro kaya a bainar jama'a. Mai saye ba ruwanta da su, da ke ta yi magana, kuma gobe za ki sake buƙatarsu. Sabuwar ranar kuma a ba ta rata fiye da ta farko, domin ɗaga rana sau ɗaya ana yafewa, na biyu kuwa daga nan duk ranar da kika faɗa sai an yi mata dariya. Idan ba ki da tabbacin da zai ba ki sabuwar rana, koma wa dabarar farko: faɗi ranar da za ki ba da labari.

Akwai kuma lokacin da ba a sa rana sam. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan hali littafin kwanakin hanya ba ya aiki, domin an rubuta shi ne lokacin da hanya take a buɗe. Abin da ya dace shi ne a ce kayan sun yanke har sai hali ya yi, a nuna abin da ke ƙasa.

Kayan sun zo, amma kalar ta ɗan bambanta da ta farko.

Yana faruwa, domin zane ɗaya in an sake buga shi rinin ba lallai ya fito daidai ba, ruwan goron ya ɗan yi duhu ko ganyen ya yi haske. Ga mai sayen turmi guda ba wani abu ba ne. Ga wadda ƴan'uwanta suka sayi na farko tana so ta shiga ankonsu, babban abu ne. Shi ya sa ake ajiye ƙyalle ko turmi guda na tsohon kaya. A shimfiɗa tsoho da sabo gefe da gefe a inuwa da rana, ba a ƙarƙashin fitila ba, a ɗauki hoto guda a tura wa masu suna kafin su taso. Wadda ta ga bambancin ta ce ta fasa, a cire sunanta ba tare da ɓacin rai ba.

Tsawon wane lokaci mutane za su iya jira?

A ganina, ga kaya irin atamfa da mayafi, sati biyu ne iyakar abin da sanarwa za ta iya riƙe mutum. Bayan haka zumuɗin ya huce, ko wani ya kawo irinsa kasuwa. Idan lissafinki ya ba ki wata guda, karɓi sunaye ki yi shiru, ki saki ranar idan ya rage kwana goma.

Gab da salla kuwa ba haƙurin mai saye ke yanke hukunci ba, tela ne. Atamfar da za ta iso kwana huɗu kafin salla ta makara ko da ta cika ranar da aka faɗa, domin teloli sun daɗe da rufe karɓar ɗinki. Tambayi telolin unguwarku ranar da za su daina karɓa, ki ja baya da kwana biyu ko uku, ki gani ko lissafin hanya ya shiga ciki. In bai shiga ba, kuɗin ya fi amfani a kayan da ba sa buƙatar ɗinki, kamar mayafi da takalma.

Ni a gida nake haɗa kayana, turaren wuta da humra. Wannan lissafin ya shafe ni?

Ya shafe ki, kuma naki ya fi sauƙi tunda ba iyaka a tsakani. Matakanki su ne samun kayan haɗi, kwanakin da haɗin ke buƙata ya jiƙu ya kama ƙamshi, sai zubawa a kwalabe. Wurin da masu haɗawa a gida suka fi faɗawa shi ne su ga sunaye sun taru su rage kwanakin jiƙon don su cika rana, kayan su fito ba ƙarfi kamar na farko, alhali ƙarfin ne ya sa na farkon ya ƙare. Ki ƙirga kwanakin cikakku yadda kika saba, ki tabbatar kwalaben suna hannu kafin ki faɗi rana, domin sau da yawa turare kan gama a rasa abin zuba shi.